An yi mana rasuwa, gobe kuma ina da zama da wani Alhaji: me zan rubuta masa?

Mai Sola: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da shigowar dare. Bayan isha'i aka kira ni daga Haɗeja cewa Allah ya yi wa baffana rasuwa, shi ne ya riƙe ni tun ina ƙarami. Jana'iza gobe Laraba ƙarfe 10 na safe, da asuba za mu kama hanya. To gobe ƙarfe 11 ina da zama da wani Alhaji, dattijo ne, daga Katsina zai taso ya zo Kano ya ga kayan solar da zan haɗa masa a rijiyar gonarsa, ya ba da kafin alƙalami. Sau biyu kawai muka taɓa haɗuwa. Kaina ya kulle. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna:

"Assalamu alaikum Alhaji, da fatan ka wuni lafiya, ya iyali, ya harkoki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikin alhini da jimami nake sanar da kai rasuwar babana wanda ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, an yi ta wankin ƙoda har wata takwas amma Allah bai yi ba. Wallahi ban so haka ta faru ba, na san ka shirya, don Allah don Annabi ka yi haƙuri ka yafe min, ba halina ba ne saɓa alkawari. In Allah ya yarda za mu haɗu nan gaba. Na gode sosai da fahimta."

Ya yi, ko da gyara?

Uwar Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baffa, ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ya haƙuri, ƙanena?

Mai Sola: Da godiya, Yaya. Amin.

Ɗan Kwari: Allah ya jiƙansa. Amma ni ban ga abin rubutu a nan ba. Dattijo ne, sa'an mahaifinka, za ka tura masa saƙo kamar wani abokinka? Ka ɗaga waya ka kira shi. Mu a kasuwa, wanda ya turo maka rubutu a kan maganar kuɗi, to bai ɗauke ka da muhimmanci ba.

Tsohon Sakatare: Allah ya jiƙan Baffa, ya kyautata namu zuwan. Ɗana, bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don dare na yi. Ka sake karanta saƙonka daga farko zuwa ƙarshe, ka nuna min inda ka ce wa Alhaji kada ya taso gobe. Babu. Ka faɗi rasuwa, ka faɗi ciwo, ka ba da haƙuri sau uku, amma maganar da ta sa ka ɗauki waya ba ta fito ba. "Za mu haɗu nan gaba" kaɗai ka rubuta. Mutumin da ya tashi da asuba yana sauri, ya leƙa waya da ido ɗaya, zai iya ɗauka sanarwar rasuwa ce kawai, ya ce Allah ya jiƙansa, ya shiga mota. Katsina zuwa Kano tafiyar kusan awa uku ce. Sai ya iso ya tarar da shago a rufe.

Na yi shekaru ina rubuta irin wannan a madadin shugabannin da na yi wa aiki. Abin da na koya shi ne mai karɓar saƙon tambayoyi uku ne a ransa: zaman yana nan ko babu, me ya faru, sai yaushe kuma. In ka amsa masa su, ka ƙara ban haƙuri guda ɗaya, ka gama. Ga yadda zan rubuta in ni ne:

"Assalamu alaikum Alhaji. Mai sola ne daga Kano. An yi mana rasuwa da daren nan, baffana wanda ya riƙe ni, gobe za mu Haɗeja jana'iza. Saboda haka zamanmu na gobe Laraba ƙarfe 11 ba zai yiwu ba, don Allah kada ka taso. In sha Allah zan kira ka ranar Litinin mu sa wata rana. Ka yi haƙuri. Na gode."

A wurin "mai sola" ka sa sunanka tare da sana'ar, don ba lallai ya adana lambarka ba.

Ɗan Kwari: Baba Sakatare, saƙon ya yi kyau, ban musa ba. Amma har yanzu ina kan bakana, kira ya fi.

Tsohon Sakatare: Ai ban ce kada ya kira ba. Duba agogo, sha ɗaya saura. Dattijon da zai yi sammako ya riga ya kwanta. Ka tashe shi yanzu da labarin rasuwar wanda bai sani ba, ka tsorata shi a banza, don wayar tsakar dare kowa ya san ba ta cika zuwa da alheri ba. Ya tura rubutu yanzu, saƙon ya kwana a wayar. Da an idar da sallar asuba ya kira, kafin mutumin ya shiga mota. Rubutun zai riƙe rana da lokaci yadda ba za a manta ba, girmamawar da kake nema kuma a kiran za ta fito. Ba na so ya dogara da ɗaya kawai.

Ɗan Kwari: To haka na yarda. In dai akwai kira a ciki.

Ɗalibi: Allah ya jiƙan musulmi. Ga wanda nake turawa kullum, kowa na yabawa: "Muna miƙa saƙon ta'aziyyarmu ga ɗaukacin iyalai da 'yan'uwa bisa wannan babban rashi, da fatan Allah ya ba ku haƙurin jurewa, ya sa Aljanna ce makomarsa." Sai ka canza sunan kawai.

Uwar Biyu: Kai ɗan makaranta, ka karanta tambayar kuwa? Shi aka yi wa rasuwar. Ta'aziyya shi za a yi wa, ba shi zai yi wa Alhaji ba.

Ɗalibi: Afuwan, daga tsakiya na shigo. Allah ya ba da haƙuri, Yaya Mai Sola.

Uwar Biyu: Ni akwai wuri ɗaya da saƙon Baba Sakatare ya ɗan yi min tsauri. An cire "Innalillahi" gaba ɗaya. Musulmi ya ba da labarin rasuwa babu istirja'i? Sai nake ji kamar takardar ofis.

Malamin Islamiyya: Allah ya jiƙan mamacin, ya ba ku ladan haƙuri. Hajiya, istirja'i abin so ne ga wanda musiba ta sama, yana cikin Suratul Baƙara aya ta 156. Amma faɗarsa ake nema, shi kuma ya faɗa tun da aka kira shi, na tabbata. Babu inda aka wajabta rubuta shi a kan kowane saƙo. In ya sa, babu laifi, in ya bari, babu laifi. Abin da zan lura da shi kawai shi ne yadda muka saba: duk saƙon da ya fara da "Innalillahi" idonmu ya riga ya san sanarwar jana'iza ce, irin wadda ake turawa a zaure goma a rana. Da yawa ba ma karanta ta har ƙasa, mu rubuta addu'a mu wuce. Shi kuwa wannan saƙon ana so a karanta shi har ƙasa. Don haka in zai sa, ya sa shi bayan ya ambaci rasuwar, kada ya buɗe da shi. Ni da zan ƙara wani abu, addu'a ce gajera bayan ambaton baffan, "Allah ya jiƙansa", ta isa ta tausasa saƙon.

Uwar Biyu: Na gamsu da rabi, Malam. Ni dai in ni ce sai na sa. Amma maganar a mayar da shi tsakiya ta yi.

Mai Sola: Na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya, Baba Sakatare. Me ya sa ka canza "babana" zuwa "baffana"? Ni Baba nake ce masa tun tasowata, ban san wani uba ba sai shi.

Tsohon Sakatare: Na sani, ɗana, kuma ba rage masa matsayi na yi ba, shi ya sa na sa "wanda ya riƙe ni". Waɗannan kalmomi huɗun sun gaya wa Alhaji nauyin rashin ba tare da ka yi dogon bayani ba. Dalilina shi ne wannan. A wurinmu wan uba baba ne, ƙanen uba baba ne, mijin gwaggo ma wani lokaci baba ne. In ka rubuta "babana", Alhaji zai ɗauka mahaifi. Wata rana kuna hira, ko wani da ya san gidanku ya ce ai mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, sai zuciyar mutumin ta ɗarsa wani abu, alhali ba ƙarya ka yi ba. Kuma ka san akwai masu fakewa da rasuwa don su guje wa alkawari, sun ɓata wa masu gaskiya suna. Mutumin da zai ba ka kuɗi masu yawa bai san ka sosai ba, kada ka bar masa ƙofar zato ko ƙanƙanuwa. Faɗin ainihin dangantakar da sunan garin da za a yi jana'iza ya fi rantsuwa goma. Shi ya sa ma na cire "wallahi". Mai makoki ba ya bukatar rantsuwa.

Maganar ciwon ƙoda kuma, sirrin mamaci ne da iyalinsa. In Alhaji ya tambaya a waya, "ya yi jinya ne?", sai ka ce e, ya ɗan kwana biyu. Ba a rubuta shi, don saƙo yana yawo inda ba ka aike shi ba.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi, Allah ya jiƙan Baffa. Ni abu biyu ƙanana zan ƙara, na waya ne. Na farko, na ji daɗi da Baba Sakatare ya rubuta "ba zai yiwu ba" bai rubuta "na ɗage" ba. Yawancinmu wayoyinmu ba sa rubuta ɗ mai lanƙwasa, sai ya fito "na dage". To "na dage zaman gobe" mai karatu da sauri zai iya fahimtar ka dage sai an yi, kishiyar abin da kake nufi ke nan. Ya taɓa faruwa a ƙungiyarmu, mutum huɗu suka zo taron da aka ɗaga. In dole sai ka yi amfani da kalmar, ka haɗa ta da "zuwa", kamar "an ɗage zuwa Litinin", nan ba mai ruɗewa.

Na biyu, kada ka tura ta WhatsApp kaɗai ka kwanta. Dattawa da yawa suna kashe data da dare, wasu sai rana ta ɗaga suke kunnawa. Ka duba alamar: in guda ɗaya ce saƙon bai shiga wayarsa ba, in biyu ne ya shiga, in sun yi shuɗi ya buɗe, sai dai wasu suna kashe shuɗin. Ka tura kuma ta tes na layi, shi ba ruwansa da data. Amma ka sani, tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70 kacal, saƙon ya rarrabu gida huɗu ko biyar, a ƙaramar waya wani lokacin wani ɓangaren ya riga wani isa. A tes ɗin ka bar lanƙwasar, ka rage shi: sallama, sunanka, an yi mana rasuwa, zaman gobe ba zai yiwu ba, kada ka taso, zan kira da asuba.

Mai Sola: Na tura duka biyun yanzu. Alama ɗaya ce a WhatsApp. Zan kira shi bayan asuba. Bari in ɗan kwanta, Allah ya saka da alheri.

Uwar Biyu: Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya.

Ɗan Kwari: Tunda ya tafi, bari in tayar da abin da ke raina. Baba Sakatare, "zan kira ka ranar Litinin mu sa wata rana" ya yi min sanyi. Wannan ciniki ne. Kwana biyar ka bar mutum babu tsayayyar rana, ga masu sola sun cika gari. Kafin Litinin wani ya kai masa farashi mai sauƙi, shi ke nan an wuce wurin. Ni da na ce ya rubuta kai tsaye: mu haɗu Litinin ƙarfe 11. Magana ta ƙare.

Tsohon Sakatare: Damuwarka gaskiya ce, amma maganin da ka kawo yana da haɗari. Yaron nan a daren da aka yi rasuwa bai san abin da zai tarar a Haɗeja ba. Shi aka riƙa, mai yiwuwa shi ne babba a cikin mazan gidan. Zaman makoki zai kai Juma'a. Bayan nan akwai bashin mamaci da za a bincika, akwai matan da za su shiga takaba a san yadda za a yi da cefanensu, wataƙila dattawa su ce a zauna kafin kowa ya watse. In ya yanka Litinin yau, ranar Lahadi ya ga ba zai iya ba, sai ya sake ɗagawa. Ɗagawar farko kowa zai yi masa uzuri, rasuwa ce. Ta biyu kuwa, a nan mutum ke fara cewa yaron nan anya. Shi ya sa nake raba abu biyu: ranar zama da ranar kira. Ranar zama ba ta hannunsa tukuna. Kira kuwa ko yana tsakar gidan makoki zai iya fita waje ya yi minti biyu. Ya yi alkawarin abin da yake da iko a kai.

Sannan akwai ladabi a ciki. Alhaji ne babba, shi ne kuma mai tasowa daga wani gari. Ka ɓata masa rana ɗaya, sai kuma ka yanka masa wata ba ka tambaye shi ba? "Mu sa wata rana" ya bar masa zaɓi.

Ɗan Kwari: To ai sai ya ba shi biyu ya zaɓa, Litinin ko Laraba. Ni dai abin da ba na so shi ne magana a buɗe. Na sha ganin "za mu yi waya" ta zama shiru har abada.

Tsohon Sakatare: "Za mu yi waya" daban, "zan kira ka ranar Litinin" daban. Ta farkon ba ta da rana, ba ta da wanda zai kira. Ita ce 'yar'uwar "nan gaba" da "in an kwana biyu" da "sai yadda hali ya yi", duk waɗannan ne ke kashe magana. Ba da zaɓi biyu kuma dabara ce mai kyau, amma ranar Litinin ɗin zai yi ta, lokacin da ya san inda ya tsaya.

Ɗan Kwari: Mun sha bamban a nan, Baba. In kuɗin da yawa, ni zan yanka rana ko da kwana goma ne a gaba, in ce Asabar ta sama. Ba yadda za a yi zaman makoki ya kai can.

Malamin Islamiyya: A kan tsawon zaman, abin da ya tabbata a hadisi shi ne ba a wuce kwana uku ana zaman baƙin ciki, sai matar da mijinta ya rasu, ita wata huɗu da kwana goma. Sadakar bakwai da ta arba'in kuwa wasu gidaje suna yi, wasu ba sa yi, malamai sun yi magana a kai, ba zan buɗe wannan babin da daren nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne kada mutum ya rubuta "sai bayan sadaka" a saƙo. Wace sadakar? Mai karɓa zai lissafa da al'adar gidansu, kai kana lissafi da ta gidanku. Ko kwana ukun ma wani daga ranar rasuwa yake ƙirgawa, wani daga ranar da aka binne. A ambaci sunan rana kawai.

Hajiyar Adashi: Ina kwananku. Sai yanzu na ga zancen. Allah ya jiƙan Baffa. Ni nawa daban ne, amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta mata, mu talatin da 'yan kai, duk ƙarshen wata muke zama a gidan shugabarmu. Bara da safiyar ranar zama aka kira ni cewa yayanta ya rasu. Cikin rawar jiki na rubuta a zaurenmu: an ɗaga taron yau saboda rasuwar yayan shugaba, har da sunansa. Ashe ƙanwarsu da ke aure a Zinder tana cikin zauren, ba a kai ga sanar da ita ba, ana jiran mijinta ya dawo gida a gaya masa ya lallaɓa ta, tana da tsohon ciki. A rubutuna ta gani. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ta yafe min, amma ni ban manta ba.

Tun daga nan, in saƙon na taron jama'a ne, sai na kira gidan na tambaya: an gama sanar da 'yan'uwa? In ba a gama ba, abin da nake rubutawa ke nan: "Taron yau ba zai yiwu ba saboda wani uzuri da ya taso, za a sanar da sabuwar rana gobe da yamma in sha Allah." Ba suna, ba rasuwa. Bayan awa biyu ko uku sai a yi cikakkiyar sanarwa.

Uwar Biyu: Subhanallah. Wannan kam darasi ne, Hajiya. To shi Mai Sola fa da ya faɗi komai?

Hajiyar Adashi: Nasa ba matsala, mutum ɗaya ya tura wa, baƙo ne da bai san kowa a danginsu ba. Zaure ne abin tsoro.

'Yar Jos: Sannunku. Ubangiji ya ta'azantar da iyalin. Ina bin zancen tun jiya, ina so in ƙara wani gefe. Mu Kirista ba lallai a binne a ranar ko washegari ba. Sau da yawa ana ajiye gawa a asibiti har 'yan'uwa na nesa su taru, mako biyu ko uku, wani lokaci fiye. Saboda haka uzurin yakan zo sau biyu: ranar da aka yi rashin, da kuma makon biso. Lokacin da mahaifiyata ta rasu na ɗaga wani zama da abokan aikina, na dawo aiki bayan kwana huɗu, sai kuma na sake neman uzuri bayan mako uku. Wani a cikinsu ya ce, ba an gama ba? Bai yi da mugun nufi ba, da lissafin kwana uku yake tafiya. Laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Jimla ɗaya ta isa: "Ba a sa ranar biso ba tukuna, zan sanar da ku da zarar an sa, don zan sake yin tafiya a lokacin."

Tsohon Sakatare: Kin kawo abu mai amfani, 'yata. Haka in Mai Sola da wanda ba musulmi ba zai zauna, ko wanda ba ɗan Arewa ba, sai ya ƙara masa cewa gobe da safe za a binne. In ba haka ba mutumin zai yi mamakin gaggawar, ya ce ai sai mu yi zamanmu ka tafi daga baya.

Ɗalibi: Tambaya, kuma wannan karon na karanta. In ni aka turo wa irin wannan saƙon, me zan mayar? Kuma in ina da bukatar zaman da gaggawa fa?

Uwar Biyu: Addu'a, sai "babu komai, sai na ji ka". Shi ke nan. Kada ka haɗa ta'aziyya da "to yaushe ke nan" a saƙo ɗaya. In ya ce Litinin, ka jira Litinin. In ta wuce bai kira ba, ranar Talata ka kira ka ce ya ƙarin haƙuri, shi da kansa zai ɗauko maganar.

Ɗan Kwari: In kuma abin ba ya jira, kamar kaya a kan hanya, sai ka tambaya ko akwai yaronsa da za ka yi magana da shi. Wannan ma da Mai Sola ya sa a saƙonsa, lambar yaron shago, ko da Alhaji yana so ya aiko a ga kayan.

Tsohon Sakatare: In akwai yaron da ya san aikin, e. In wanda zai je ya faɗi farashin da ba shi ba ne, gara babu.

Mai Sola: Assalamu alaikum. Yau Asabar, na dawo Kano jiya da dare. Na gode da addu'o'inku. Ga yadda aka yi. Da asubar Laraba na kira sau biyu bai ɗaga ba, WhatsApp kuma har lokacin alama ɗaya. Hankalina ya tashi, muna cikin mota mun wuce Gezawa. Sai ga kiransa wajen shida da rabi. Ashe tes ɗin ya gani bayan ya fito daga masallaci, direba har ya wanke mota. Ya yi min gaisuwa, ya tambayi unguwar da gidan yake. Ranar Alhamis sai ga wani ɗan'uwansa da ke aiki a Haɗeja ya zo ta'aziyya a madadinsa. Da ban sa sunan garin ba da hakan ba ta faru ba.

Ban jira Litinin ba, ɗazu na kira shi. Na ce Talata ko Alhamis, ya ce shi ma tafiya ta kama shi zuwa Abuja, sai ya dawo zai neme ni. Bai faɗi rana ba.

Ɗan Kwari: Ka gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Yanzu maganar ta koma hannunsa.

Tsohon Sakatare: Mutumin da ya tura ɗan'uwansa gaisuwa har gida ba na jin ya fasa. Ko ranar ka yanka masa, tafiyar Abujan za ta ɗaga ta. Ɗana, ka bar shi zuwa Alhamis, sai ka tura masa layi biyu: kana gaishe shi, kayan suna nan a ajiye.

Ɗan Kwari: Alhamis ta yi nisa. Talata.

Mai Sola: Bari in ga yadda makon zai kasance. Ranar Talata ma akwai yiwuwar in koma Haɗeja, Inna ta ce a zo a duba takardun gonar Baffa.